Yaushe zan haɗa takardar likita da saƙona ga ofis?

"Zazzaɓi ya kwantar da ni tun Talata. Sai na samu takardar likita zan rubuta wa shugabana, ko yaya?"

Allah ya ƙara sauƙi, ɗan'uwa. Kada ka jira takardar. Tura saƙo yau ɗin nan, domin shirun ma'aikaci ya fi rashin takarda ɓata masa suna.

Wurare da yawa ba sa neman shaida a kan kwana ɗaya ko biyu, sai an kai na uku. Duba takardar ɗaukarka aiki, don ka'idar wurinku ce abin bi. Kai ka riga ka kai ukun, saboda haka rubuta:

"Ranka ya daɗe, ba ni da lafiya tun Talata. Gobe zan koma asibiti, zan turo takardar likita da zarar na karɓa."

In ta zo hannu, layi ɗaya ya wadatar: "Ga takardar likita a haɗe, ya ba ni hutu daga 14 zuwa 17 ga wata."

Kafin ka ɗauki hotonta, duba sunanka, sa hannun likita da hatimin asibiti, kuma ranakun su dace da na saƙonka. A nan ake yawan samun matsala: takarda ta fara daga Alhamis, alhali mutum ya daina zuwa tun Talata. In haka ne, faɗa wa likitan tun kana gabansa. Sakamakon gwajin jini kuwa sirrinka ne, kada ka haɗa shi.