"Ranki ya daɗe" a imel ɗin Turanci: ina zan sa shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a wani kamfani a Kano. Za a yi wa mahaifina tiyata a Zariya, zan raka shi, kwana uku ba zan je aiki ba. Shugabar sashenmu dattijuwa ce, a haife ta haife ni, a baki "Hajiya" ko "ranki ya daɗe" nake ce mata. To dole in aika imel da Turanci, in sa ofishin kula da ma'aikata a kwafi. In na rubuta *Dear Ma* kawai sai in ji kamar na yi mata tsaurin ido. Yaya zan yi? — Nura, daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Nura. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a yi a sa'a.

Ka rubuta *Dear Hajiya*, ka bar "ranki ya daɗe" sai kun haɗu ido da ido. Laƙabi yana tsallakawa cikin Turanci lafiya lau, amma addu'ar girmamawa ba ta tsallakawa. "Ranki ya daɗe" addu'a ce a asali, sai dai yawan faɗa ya mai da ita kalmar kira, har ba ma jin ma'anarta in mun furta. Da zarar ka juya ta ta koma *may you live long*, ma'anar nan da ta yi barci sai ta farka. Hajiya za ta gane abin da kake nufi, ƙila ta yi murmushi. Amma wanda ke ofishin kula da ma'aikata, in ba Bahaushe ba ne, zai ɗauka ko dai fadanci kake yi, ko kuma ka ji wani labari game da lafiyarta. Haka "Allah ya ƙara girma" da "Allah ya ja zamaninki" suke. Kada kuma neman cike gurbin ya kai ka ga *Your Excellency*, wannan na shugaban ƙasa ne da gwamnoni da jakadu. Na taɓa ganin takardar wani yaro da ya rubuta wa manajan shago haka, aka yi mako ana tsokanar manajan da ita.

Alhaji, Hajiya, Malam, Malama, duk sun zauna daram a Turancin ofis na Nijeriya. Ana rubuta su yadda suke, ba a fassarawa, ba a neman afuwar kowa. Abu ɗaya za ka kiyaye: a Hausa laƙabi da sunan yanka yake tafiya, Hajiya Binta, Malam Sani, kuma hakan cikakken ladabi ne. *Mr* da *Mrs* da *Ms* kuwa da sunan ƙarshe suke tafiya. Nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. A ce sunanta Binta Lawal Rano. *Mrs Binta* kuskure ne a Turanci. *Mrs Lawal* ya fi muni in Lawal ɗin mahaifinta ne, don ka mai da ita matar ubanta, tunda yawancin matan Hausawa ba sa sauya suna bayan aure. Rano kuma sunan gari ne, wasu sun karɓe shi a matsayin sunan ƙarshe, wasu ba su karɓa ba. Maganin duk wannan shi ne ka buɗe imel ɗin da ta aiko muku na baya-bayan nan, ka duba yadda ta rubuta sunanta a ƙasa. In ta sa *Dr* ko *Engr.*, to shi take so a gani, sai ka rubuta *Dear Dr Lawal*. In ba ta sa komai ba, kuma duk ofis Hajiya ake ce mata, *Dear Hajiya* ya wadatar, ya ma raba ka da nauyin kama sunan babba. Kada dai ka jera su duka kamar katin ɗaurin aure. Ɗaya ya isa.

*Dear Ma* ɗin da kake gudu ba rashin kunya ba ne. A Nijeriya kowa ya san shi, kuma girmamawa ce. Abin da ya sa ka ji shi fayau shi ne bai ɗauke da komai na tsakaninku, kowace mace ana iya ce mata haka. In wata rana shugabarka Baturiya ce ko kamfanin na waje ne, ka bar *Ma*, ba su saba da shi ba, ka kama *Dear Ms* da sunan ƙarshe. In kuma namiji ne, kada ka haɗa *Sir* da sunan yanka, irin *Sir John*, domin a Ingila wannan na wanda gidan sarauta ya ba lambar girma ne. In ya sa hannu da sunan yankansa kawai kuma kowa haka yake kiransa, ka bi sahu ko da bakinka ya yi nauyi. A wurinsu dagewa a kan *Sir* bayan an sake maka fuska kamar ja da baya ne.

Yanzu sai tambayar da ta fi muhimmanci: in an cire addu'a da doguwar gaisuwa, ina ladabin ya koma? Ya koma cikin ginin jimla. Bahaushe yana zuba girmamawarsa a bakin ƙofa, ya gaisa, ya tambayi gida da aiki da gajiya, sannan ya shigo da buƙata. Turancin ofis a kan buƙatar kanta yake ɗora ta. Dubi waɗannan biyun: *I will not come to work on Monday* da *I would like to request leave from Monday*. Ta farko sanarwa ce, ka yanke hukunci ka gaya mata. Ta biyu ta bar hukuncin a hannunta, wato ka amince ita ce babba. Wannan *would* ɗin, da 'yan'uwansa *could* da *I would be grateful*, su ne durƙuson Turanci. Mutum zai iya cika saman takarda da kirari, sannan ya rubuta *I want three days*, ya rushe duk abin da ya gina.

Tunda an riga an sa ranar tiyatar, naka neman izini ne, don haka ka aika da wuri, kada ka bari sai ana gobe. Ga yadda zan rubuta da ni ne kai, ka sauya ranakun da sunayen:

```
Subject: Leave request, 12–14 May

Dear Hajiya,

I hope you are well.

I would like to request three days' leave, from Monday 12 May to Wednesday 14 May. My father is having surgery in Zaria and I need to be with him.

Aisha has agreed to cover my desk, and I will send the weekly report before I travel. I can be reached by phone and will be back on Thursday 15 May.

I would be grateful for your approval.

Yours sincerely,
Nura
```

Ka lura gaisuwar layi ɗaya ce. *I hope you are well* ita ta ɗauke "ina kwana, ina gajiya, yaya iyali" gaba ɗaya. Na san za ka ji ta yi kaɗan. Amma ka tuna Hajiya a waya za ta buɗe saƙon, ƙila tsakanin taro biyu, kuma abin da idonta ke nema uku ne: yaushe za ka tafi, yaushe za ka dawo, wa zai riƙe aikinka. Layin nan da ya ambaci Aisha da rahoton mako ya fi kowace addu'a nuna ka san darajarta, don ka ɗauke mata wahalar neman wanda zai toshe gurbinka. Ka tabbata dai kun yi magana da Aishar kafin ka sa sunanta.

Ka kuma lura babu *I humbly beg*, babu *please ma, have mercy*. "Ina roƙon arziki" da "a taimaka mini" a bakinmu tausasa harshe ne kawai, ko mai gaskiya yana faɗa. A Turanci suna fitowa kamar na mai laifi, ko wanda ya san abin da yake nema bai cancance shi ba. Wannan takarda kuwa fayil ɗinka za ta shiga, wanda bai san ka ba zai iya karanta ta bayan shekara biyu.

Game da rufewa, ƙa'idar da muka gada daga Turancin Ingila ita ce *Yours faithfully* in ka buɗe da *Dear Sir* ko *Dear Madam* ba suna, *Yours sincerely* in ka kira mutum da sunansa. *Dear Hajiya* ya fi kusa da na biyun, tunda ka san ta, ta san ka. *Kind regards* ma ba laifi a imel. *Your obedient servant* kuwa tsohon yayi ne na takardun zamanin En'e, a bar shi ya huta.

"In sha Allahu" fa? Tsakaninka da Hajiya babu abin da zai hana, kuma ma'aikata da yawa a Arewa suna rubutawa. Abin da nake ja wa mutane kunne a kai shi ne kada ta maye gurbin rana. *I will be back on Thursday 15 May, in sha Allah* daidai ne. *I will be back soon, in sha Allah* kuwa bai ba ofishin ma'aikata abin da za su rubuta a rajista ba, sai sun sake nemanka.

Akwai wani wurin da ladabin Hausa ke jefa mutane cikin rikici, ko da yake kai bai shafe ka ba tunda mahaifinka ne na jini. Mukan kira ƙanin uba Baba, yayar uwa Inna ko Mama, ɗan baffa kuma ɗan'uwa, har ma cewa "ba shi ya haife ni ba" abin kunya ne. Sai mutum ya rubuta *my father* alhali baffansa yake nufi. Kamfanoni da yawa suna bambanta hutun da suke bayarwa gwargwadon kusancin dangantaka, kuma ranar da aka ga mutum ya nemi hutun rasuwar mahaifi karo na biyu, maƙaryaci za a ɗauke shi. A Turanci a rubuta *my uncle*, in shi ya riƙe ka a ƙara *who raised me*, an fita haƙƙinsa kuma an faɗi gaskiya.

Kafin ka danna aikawa, ka leƙa ofishinta. Ka yi sallama, ka gaishe ta yadda ka saba, ka ce "Ranki ya daɗe, Baba ne za a yi wa aiki a Zariya ranar Litinin, ina so in raka shi, zan turo imel yanzu." A nan za ta yi maka jaje, ta tambayi jikin nasa, ƙila ma ta ce a gaishe shi. In kun yi haka, sai ka sauya layin gaisuwar nan na imel ɗin ya zama *Thank you for speaking with me this morning*, ka bar sauran yadda yake.