Farashi uku a shafi guda: wanne ne da jaka, wanne ne babu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina son yankan tikitin jirgi a waya, amma shafin da Faransanci yake. Na ga farashi uku a tafiya guda, na zaɓi mai arha, da na isa wurin biya sai kuɗin ya ƙaru. Ta yaya zan bambance kuɗin tikiti da na kaya da na kujera?

Amsa: Malama, farashin nan uku duk jirgi ɗaya ne, sau da yawa ma kujeru iri ɗaya. Bambancinsu yana cikin abin da aka haɗa miki da tikitin. Kada sunayen su ruɗe ki, domin kowane kamfani da yadda yake raɗa nasa, wani Light, wani Basic, wani Flex. Idan kin sa waya ta fassara shafin ma, tana iya mayar da Light ya koma "haske", alhali nufinsa tikiti marar babbar jaka.

Layin jaka za ki fara nema a ƙarƙashin kowane farashi. Bagage cabine ita ce ƙaramar da kike shiga jirgi da ita. Bagage en soute kuwa ita ce babbar da ake aunawa a karɓa, kuma a nan kuɗin yake ɓuya. In kin ga inclus, tana cikin farashi. In kin ga en option, ko alamar kuɗi a gefenta, sayenta za ki yi daban. Rubutun 1 x 23 kg yana nufin jaka ɗaya tak wadda ba ta wuce kilo 23 ba, ba ƙananan jakunkuna biyu da suka haɗu suka ba da 23 ba. Wani shafin 1PC yake rubutawa, 0PC kuma babu ko ɗaya.

Mu ƙaddara Light yuro 180 ne zuwa da dawowa, Standard mai jaka kuma 230. Kin ɗauki na 180, sai aka nuna miki jaka a kan 35 € par trajet. Kalmomin nan biyu na ƙarshe suna nufin kowace tafiya, wato 35 a zuwa, 35 a dawowa. Kin tashi a 250 ke nan, kin zarce wanda kika guje wa da yuro 20.

Kujera ta fi sauƙi. Taswirar da ake nunawa ta zaɓen wurin zama ce kawai. Tikitinki ya riga ya ba ki kujera. Nemi ɗan rubutun Passer ko Continuer sans siège, wanda galibi ake ƙanƙantawa, a ba ki wadda ta samu kyauta lokacin rajistar shiga jirgi. Ki kuma lura da waƙafi: 12,50 € yuro goma sha biyu da rabi ne.

Kafin ki danna Payer, buɗe Récapitulatif ko Détail du prix. Duk layin da ya ce siège, wato kujera, ko assurance, wato inshora, alhali ba ke kika zaɓa ba, koma baya ki cire shi.