Biya ɗaya, oda biyu: in rufe `webhook` ne?

Tambaya: Malam, na haɗa biyan kuɗi ta intanet a shagona, amma sau uku ke nan kwastoma ya biya sau ɗaya, tsarin ya fitar da oda biyu. Wani ya ce in rufe `webhook` in dogara da shafin "an biya" da ake maido da kwastoma. In yi hakan? Asarar ta fara yawa.

Amsa: Kada ka kuskura ka rufe shi. `webhook` shi ne saƙon da kamfanin biyan kuɗi ke turo wa sabarka kai tsaye in an biya, kuma mai yiwuwa maimaituwarsa ce ke fitar maka da oda biyu. Maimaita saƙo ba matsala ba ce daga kamfanin biyan kuɗi, haka aka tsara abin. In sun turo sanarwa ba su samu amsar `200` mai nuna an karɓa a kan lokaci ba, sai su ɗauka ba ta iso ba, su sake turowa. Kamfanin Stripe, alal misali, kan yi ta gwadawa har kwana 3. Duba rajistar sabarka. Mai yiwuwa za ka tarar tana tsayawa aika imel da rage kaya kafin ta amsa, har wa'adin ya wuce.

Shawarar nan da aka ba ka kuwa, kullum sai na ci karo da ita, kuma ta ishe ni. Shafin "an biya" a burauzar kwastoma yake, ba a hannunka ba. Wanda ya biya da gaske, cajin wayarsa na iya ƙarewa kafin a maido shi: kuɗinsa sun fita, kai ba ka da labari. Ɗan damfara kuma ba sai ya biya ba, `?status=success` kawai zai rubuta a adireshin, ka ɗauki kaya ka ba shi. Wanda ya sabunta shafin sau biyu fa? Ga oda biyun sun dawo ta wata ƙofa. Masu koyar da wannan a bidiyon minti goma ba su ne za su biya ka asarar ba.

Gyaran yana cikin rumbun bayanai. Sa `UNIQUE` a kan lambar cinikin, sannan a PostgreSQL:

```sql
INSERT INTO payments (reference)
VALUES ($1)
ON CONFLICT (reference) DO NOTHING;
```

In layi ya shiga, sabon biya ne, ka mai da odar "an biya" a cikin `transaction` ɗin nan ɗaya. In bai shiga ba, maimaici ne: amsa `200` ka ƙyale shi. Dubawa da `if` kafin rubutawa ba ta wadatar ba, don saƙo biyu na iya isowa tare, kowanne ya ga ba a biya ba tukuna.

Kafin wannan duka, tantance sa hannun saƙon a kan ɗanyen jikinsa, tun ba a fassara `JSON` ba, ka kuma gwada adadin kuɗin da nau'insu da abin da ke odarka. Imel da sauransu su bi layi bayan ka amsa. Odar da ta yi minti 30 tana jira, sabarka ta tambayi kamfanin matsayinta kai tsaye.