Baƙin gyambo a hannun mai jima

“A majema nake aiki. Wani ƙurji ya fito mini a hannu, tsakiyarsa ta yi baƙi, amma ba ya ciwo. Mene ne?”

Rashin ciwon nan shi ne abin tsoro, domin haka antaraks na fata, wata cuta da ake ɗauka daga dabbobi, yake: ƙaiƙayi, sai ƙurji mai ruwa, sannan baƙin ɓawo da kumburi kewaye da shi, yawanci cikin kwana 7 da taɓa fatar dabbar da cutar ta kashe. Kada ka matse shi ko ka tsaga. Ka rufe shi, ka je asibiti yau, ka faɗa wa likita sana'arka, don maganin kashe ƙwayoyin cuta yana warkar da shi idan an fara da wuri. Gishiri da shanya ba sa kashe ƙwayar, saboda haka ka riƙa sa safar hannu ta roba, ko da fatar ta bushe ƙarau.