Na biya wata uku, me ya sa bashina bai koma rabi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karɓi rancen naira 600,000 a wani ƙaramin banki don cika shagona da kaya, a kan kuɗin ruwa kashi 3 cikin 100 a wata, zan biya cikin wata shida. Duk wata ina biyan naira 110,758.50. Na biya sau uku, wato naira 332,275.50. Da na je in rufe bashin sai aka ce saura naira 313,292.76, ni kuwa a lissafina 267,724.50 ne. An cuce ni ne? Yaya zan yi wannan lissafin da hannuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na zauna da biro da takarda na bi alƙalumanka ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da suka gaya maka daidai yake har kwabo. Inda ka zame shi ne ka ɗauka duk nairar da ka miƙa musu ta tafi ne wajen rage bashin. Kowane biya da ka yi kashi biyu ake raba shi: ana fara cire kuɗin ruwan watan, abin da ya rage shi ke zaftare uwar kuɗi. Tazarar da ke tsakanin lissafinka da nasu, naira 45,568.26, ita ce ruwan wata ukun da suka wuce. Bari in nuna maka yadda take fitowa, don gobe kada ka dogara da bakin kowa, har da nawa.

Samu takarda ka ja layuka a tsaye, ka raba ta gida biyar. Gida na farko wata, na biyu abin da ake bin ka a farkon watan, na uku ruwa, na huɗu uwar kuɗin da ka biya, na biyar abin da ya saura. Biyan wata-wata ba ya canzawa, don haka rubuta shi a saman takardar da manyan lambobi: 110,758.50.

Watan farko ana bin ka 600,000 cif. Kashi 3 cikin 100 na wannan shi ne 18,000, wato 600,000 sau 0.03. Cire 18,000 daga 110,758.50, za ka samu 92,758.50. Wannan kaɗai ne ya taɓa bashin. Cire shi daga 600,000, saura 507,241.50. Ka gama layi ɗaya.

Layi na biyu shi ne inda mafi yawan mutane ke faɗawa rami. Hannu yakan so ya sake rubuta 18,000, tunda ai "kashi uku ne a wata". Amma kashi uku na me? Na abin da ake bin ka yanzu, ba na abin da ka karɓa tun farko ba. Naira 92,758.50 ta riga ta koma hannun banki, ba su da hujjar ɗora maka ruwa a kanta. Saboda haka ka ɗauko 507,241.50 daga gidan ƙarshe na layin farko, ka sauke shi a gida na biyu na sabon layi, ka ninka da 0.03. Ruwan ya zama 15,217.25. Da yake ruwan ya ragu kuma biyanka yana nan yadda yake, rabon uwar kuɗi ya ƙaru zuwa 95,541.25, saura 411,700.25. Haka za ka yi ta yi, ninkawa ɗaya da ɗebewa biyu a kowane layi, har takardar ta zama haka:

| Wata | Bashi a farkon wata | Ruwa | Uwar kuɗi | Saura |
|---|---|---|---|---|
| 1 | 600,000.00 | 18,000.00 | 92,758.50 | 507,241.50 |
| 2 | 507,241.50 | 15,217.25 | 95,541.25 | 411,700.25 |
| 3 | 411,700.25 | 12,351.01 | 98,407.49 | 313,292.76 |
| 4 | 313,292.76 | 9,398.78 | 101,359.72 | 211,933.04 |
| 5 | 211,933.04 | 6,357.99 | 104,400.51 | 107,532.53 |
| 6 | 107,532.53 | 3,225.98 | 107,532.53 | 0.00 |

Dubi ƙarshen layi na uku. Ga adadin da suka faɗa maka nan. Haɗa ruwan wata ukun farko, 18,000 da 15,217.25 da 12,351.01, za ka ga 45,568.26 ɗin da ya ɓace maka. Ka kuma lura cewa ko da ka yi rabin tafiya, bashin bai sauko zuwa 300,000 ba, domin a farkon rance bashi yana da nauyi, ruwansa ma yana da nauyi, sai ya cinye babban rabo daga biyan. A rancen wata shida abin bai yi tsanani ba. Wanda ya ci bashin gida na shekara goma sha biyar ko ashirin shi ke ganin abin mamaki, domin yakan yi shekaru yana biya kafin rabon uwar kuɗi ya zarce na ruwa a cikin biya guda.

A layin ƙarshe akwai kwabo ɗaya da ya yi tsalle. In ka haɗa 3,225.98 da 107,532.53 za ka samu 110,758.51, ba 110,758.50 ba. Wannan daga daidaita kwabbai ne a kowane layi, kuma ƙa'idar ita ce a gyara biyan ƙarshe don saura ya zama sifiri. Kwabo ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Amma in ka iso layin ƙarshe ka tarar da ragowar naira ɗari ko dubu, to akwai kuskure a sama, kuma akwai hanya mai sauƙi ta kamo shi. A irin wannan jadawali, rabon uwar kuɗi na kowane wata yana zama na watan baya sau 1.03. Gwada: 92,758.50 sau 1.03 ya ba da 95,541.25 da ɗan abin da bai kai kwabo ba. Bi gida na huɗu daga sama zuwa ƙasa da wannan gwaji, layin da ya ƙi shi ne mai matsalar. Gwaji na biyu, in ka haɗa duk gida na huɗu dole ya ba ka 600,000 daidai.

Wataƙila ka ce, to shi 110,758.50 ɗin daga ina suka samo shi? Shi ne adadi ɗaya tilo da in aka biya shi sau shida, ana cire ruwa yadda muka yi, bashin zai mutu a wata na shida. Ga yadda ake fitar da shi:

```
A = P × r ÷ (1 − 1 ÷ (1 + r)^n)
```

A shi ne biyan wata-wata, P ita ce uwar kuɗi, r ruwan wata ɗaya, wato 0.03, n yawan watanni. Da kalkuletar wayarka, ninka 1.03 da kansa har ya bayyana sau shida, za ka samu 1.194052. Raba 1 da wannan, ka samu 0.837484. Cire shi daga 1, saura 0.162516. Sai ka raba 18,000, wato P sau r, da wannan. In ka yanke lambobin a guda shida bayan ɗigo kamar yadda na rubuta su nan, amsar za ta kauce da 'yan kwabbai, don haka ka bar su duka a kan kalkuleta kada ka share ka sake bugawa. Wani tarko kuma: in takardar banki ta rubuta ruwan shekara ne, misali kashi 36, sai ka raba shi da 12 kafin ka sa shi a matsayin r. Na taɓa ganin ɗalibi ya sa 0.36 kai tsaye, ya fito da biyan da ya haura naira dubu ɗari biyu da hamsin a wata, ya zauna yana kallon takardar yana salati.

Abin da na fi so ka riƙe, kai da duk ɗan kasuwar da ke karanta wannan, shi ne "kashi uku a wata" iri biyu ne, kuma a baki sunansu ɗaya. Naka a kan abin da ya saura ake lissafa shi, jimillar ruwanka na wata shida 64,551.01. Akwai masu ba da rance da ke lissafawa a kan uwar kuɗin farko tun daga watan farko har na ƙarshe: 18,000 sau shida, naira 108,000. Su haɗa da 600,000, su raba shida, ka riƙa biyan 118,000. Bambancin ya haura naira dubu arba'in da uku a kan rance ɗaya, wata shida ɗaya, kashi uku ɗaya. Abin da ke sosa mini rai a nan shi ne a wata na shida, lokacin da abin da ya rage a hannun mutum naira dubu ɗari ne kawai, har yanzu ana karɓar ruwan dubu ɗari shida a wurinsa. In aka auna wancan da ma'aunin naka, ruwansa ya kusa kashi 5 cikin 100 a wata. Gane shi ba wuya: ɗauki biyan wata, ninka da yawan watanni, cire uwar kuɗi. In abin da ya fito daidai yake da ruwan watan farko sau yawan watanni, to irin na biyun ne. Naka ba shi ba ne, domin 64,551 ya yi nesa da 108,000.

Akwai inda takardarka za ta iya saɓa wa ta banki ba tare da kowa ya yi ha'inci ba. Wasu bankuna da kwana suke ƙirga ruwa. A kan kashi 36 a shekara, wata mai kwana 31 zai ba da 600,000 sau 0.36 sau 31 a raba da 365, wato 18,345.21, mai kwana 30 kuma 17,753.42. In ka ga ruwan watan farko ya ɗan haura ko ya ɗan gaza 18,000, ƙirga kwanakin da ke tsakanin ranar da kuɗin suka shigo da ranar biya. Haka ma jadawalin nan ya ginu ne a kan cewa kana biya a ranar da aka sa. Ka makara da mako ɗaya, ruwan kwanakin da tarar da ke cikin yarjejeniya za su hau, kuma a bisa al'ada su ake fara cirewa kafin a taɓa uwar kuɗi. Kuɗin buɗe fayil ko na inshora da ake zarewa tun kafin a ba ka rancen ba sa fitowa a jadawali sam, sai ka rubuta su a gefe ka haɗa da jimillar ruwa in kana son sanin ainihin abin da rancen ya ci maka. Hukuncin kuɗin ruwa a addini kuwa fagen malamai ne, su za ka tambaya; ni lissafin abin da ka riga ka sa wa hannu nake warware maka.

Game da rufe bashin yanzu: in ka ci gaba da biya wata-wata, saura biya uku da suka kai 332,275.51. In ka biya 313,292.76 a ranar da biya na uku ya faɗo, ka tsira da ruwan wata ukun ƙarshe, naira 18,982.75. Duk kwanan da ya wuce bayan ranar yana ƙara kimanin naira 310, don haka adadin da suka faɗa maka zai ɗan motsa. Kafin ka kai kuɗin, buɗe takardar yarjejeniyar ka duba ko akwai tarar biya kafin wa'adi. In akwai, ajiye ta kusa da 18,982.75 ka ga wanne ya fi. Ka nemi su buga maka jadawalinsu da adadin rufewa na ranar a rubuce, ka ɗora takardarka a gefen tasu ka bi layi-layi, sannan bayan ka biya ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai.