Rabe-raben manoma a tsarin sana'ar sayar da taki

Tambaya: "Zan buɗe shagon taki da iri a Kano. A takardar tsarin, in rubuta cewa ƙananan manoma ne abokan cinikina?"

Malam, wannan bai isa ba, don ƙananan manoma ba ɗaya suke ba. Raba su gwargwadon lokacin da kuɗi ke shigo musu.

Ɗauki manomin rani na Kadawa ko Kura, mai tumatir da shinkafa. Yana girbi sau biyu a shekara, buhun taki mai kilo 50 yake saye gaba ɗaya, kuma zai tambayi sunan iri. Rubuta girman gonarsa, watan da yake saye, da wurin da yake saye yanzu.

Manomin damina mai gero da dawa kuwa, a watan Yuni rumbunsa ya yi ƙasa, aljihu ma haka. Da kwano yake auna taki, sau da yawa bashi sai kaka. Idan ka lissafa shi a masu buhu, kayanka za su kwana a shago, takin yuriya ya sha danshi ya dunƙule.

Matan da ke cikin gida ma rukuni ne daban, yara ko dillaliya ke yi musu sayayya, ƙananan ƙulli ne nasu.