Manhaja ta ƙi sauka: rashin wuri da rashin dacewa da waya

Tambaya: "Assalamu alaikum. Wayata Android ce mai 32 GB, saura 400 MB a ciki, amma manhajar 90 MB ta ƙi sauka, wai babu wuri, alhali katin memori ɗina wayam yake. Wata manhajar kuma tana nuna Your device isn't compatible with this version. Mene ne mafita?"

Wa'alaikumus salam, malam. Matsaloli biyu ne daban, kuma ta farkon ta fi sauƙin magani.

Girman da Play Store ke nunawa girman fayil ne a matse. Idan ya sauka, sai wayar ta warware shi ta shirya shi domin aiki, kuma a wannan lokacin tana riƙe da matsattsen fayil ɗin da wanda aka warware gaba ɗaya, shi ya sa manhajar 90 MB kan iya buƙatar ninki biyu ko uku. Bayan haka Android kan keɓe wani kaso na ma'adana domin aikinsa, har zuwa kimanin 500 MB a wayoyi da yawa, saboda haka 400 MB ɗinka a idon wayar tamkar babu ne. Katin memori kuwa ba ya shiga wannan lissafi, domin galibi a ma'adanar cikin waya ake girka manhaja.

A wayoyin da nake dubawa, WhatsApp ne ya fi cinye wuri, musamman bidiyon da ake turowa a zauruka. Ka shiga Settings na WhatsApp, sai Storage and data, sai Manage storage, ka goge manyan fayiloli ko ka kwashe su zuwa katin, sannan ka zubar da kwandon shara na hotuna, domin abin da aka goge yakan zauna can kusan wata guda yana cin wuri. Ka samar da aƙalla 1 GB kafin ka sake gwadawa. Idan har yanzu ta ƙi, ka danna Clear cache a kan Play Store. Ka kiyayi Clear data a kan WhatsApp, domin zai tafi da hirarrakinka idan ba ka adana su ba.

Saƙo na biyu ba ruwansa da wuri. Galibi manhajar tana neman Android da ya fi naka sabunta, don haka ka duba About phone, ka ga ko akwai sabuntawa a System update. Wani lokacin kuma an gina ta ne domin tsarin 64-bit kaɗai, alhali wayoyi masu araha da yawa, musamman masu Android Go, a kan 32-bit suke aiki, kuma wannan babu gogewar da za ta gyara shi. A nan sai dai ka nemi nau'in Lite idan akwai, ko ka yi amfani da shafin kamfanin ta burauza. Ban ba ka shawarar karɓar fayil ɗin APK a hannun masu tura manhaja a kasuwa ba, domin idan tsarin wayar ne bai dace ba, App not installed kawai za ka gani, idan kuma manhajar banki ce, ba ka da tabbacin ba a yi mata kutse ba.